Allura mai bin hoto: yadda ake zuƙe mugunya da ɗebo tsoka ba tare da an tsaga ciki ba

Na'urar sikanin tana gani, amma ba kullum take iya faɗin abin da ta gani ba. Za ta nuna wani baƙin tabo a cikin hanta, ta auna faɗinsa, ta nuna jijiyoyin jinin da suka kewaye shi, daga nan sai ta tsaya. Tabon zai iya zama ƙurji cike da mugunya. Zai iya zama ciwon daji da ya tsiro a hantar, ko wanda ya taso daga hanji ko mama ya sauka a can. Wani lokaci ma tarin fuka ne ya bar huhu ya samu wurin zama a ciki. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yana iya illata mai ɗayan ciwon. Idan gwajin jini da hoto suka kasa raba gardama, babu makawa sai an kai ga abin da kansa, an ɗebo wani abu daga jikinsa an duba.

A da, hanyar da ta fi tabbas ita ce tiyata: a sa mutum barci, a tsaga ciki, likita ya duba da idonsa. Yau mafi yawan irin wannan aiki likitan hoto ne ke yin sa, ta wata 'yar kafa da ba ta wuce milimita 3 ko 4 ba, majiyyaci kuma yana farke suna magana. Idonsa na kan allon sikanin ko na siti-sikan, hannunsa na tura allura, yana kallon bakinta tana ratsa jiki har ta isa inda ake so. Aiki iri biyu ake yi haka. Ɗaya shi ne bayofsi, wato ɗebo guntun tsoka a kai ɗakin gwaji. Ɗayan kuma zuƙe ruwa ko mugunyar da ta taru a inda bai kamata ba.

Dabarar da ake sa roba da ita ta samo asali ne daga wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, wanda ya bayyana ta a 1953. Shi jijiyoyin jini yake son shiga. Sai ya gano cewa idan aka soka siririyar allura, aka zura waya mai laushi ta cikinta, aka zare allurar aka bar wayar, to ana iya zura bututun roba ya bi bayan wayar har inda ta tsaya. Da sikanin da siti-sikan suka shigo asibitoci a shekarun 1970, sai likitoci suka fara bin wannan hanya zuwa ƙuraje da ke can cikin ciki.

Ƙurji a hanta

Mu ɗauki misalin wani magidanci ɗan shekara 48, ɗan kasuwa, mai ciwon suga da bai cika kula da shi ba. Mako biyu ke nan zazzaɓi na kama shi da rawar sanyi. An yi masa allurar maleriya a kemis, an ba shi maganin taifod, duk a banza. Abinci ya fita daga ransa, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama da ke tsananta idan ya ja dogon numfashi. Da aka kai shi babban asibiti aka ɗora masa sikanin, sai ga ƙurji mai faɗin santimita 9 a ɓangaren dama na hanta. Rami mai wannan faɗi yana ɗaukar mugunya kusan mililita 380.

Ba kowane ƙurjin hanta ake soka wa allura ba, kuma wannan shi ne abu na farko da likitoci za su zauna su tantance. Akwai ƙurjin da amiba ke jawowa, ƙwayar cutar nan mai sa atuni da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa da abinci. Shi wannan sau da yawa magani kaɗai ke kashe shi, wato metronidazol da aka fi sani da filajil, ana sha kwana 7 zuwa 10, a biyo da wani maganin da zai share amibar da ta rage a hanji. Ana zuƙe shi ne idan ya yi girma sosai, ko yana ɓangaren hagu na hanta inda zai iya fashewa kusa da zuciya, ko kuma an yi kwana 3 zuwa 5 ana magani zazzaɓi bai sauka ba. Akwai kuma ƙurjin bakteriya, wanda ya fi kama masu suga da masu matsalar madaciya. Ƙarami cikinsa yakan bi maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma idan ya haura santimita 5 magani ba ya ratsa mugunyar yadda ya kamata, sai an fitar da ita. Na ɗan kasuwan nan ya wuce wannan iyaka nesa.

Akwai abu na uku da likita mai hankali zai kawar daga zuciyarsa kafin ya ɗauki allura. Wata ƙaramar tsutsar ciki ta karnuka, wadda ke zagayawa tsakanin kare da tumaki da raƙuma, tana yin jakar ruwa a hantar mutum, kuma ana samun ta a yankunan makiyaya na Sahel da Sudan. A hoto tana iya kama da ƙurji. Idan aka huda ta ba shiri, ruwanta ya zuba cikin ciki, jiki na iya yin mummunar borewa har jini ya faɗi nan take, cutar kuma ta bazu. Don haka idan likita ya tambayi majiyyaci ko yana kiwo ko akwai karnuka a gida, ba hira yake nema ba.

Shirin da ake yi kafin a shiga ɗaki

Rabin lafiyar aikin a wannan mataki take. Hanta jaka ce ta jini, kuma ramin da allura za ta bari babu mai ɗinke shi, jinin majiyyaci ne zai daskare ya toshe shi. Shi ya sa ake gwaji biyu. Na farko yawan filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke fara toshe rauni, kuma galibi ana son su haura 50,000 a ma'aunin da ɗakin gwaji ke bayarwa. Na biyu shi ne wanda ake rubutawa INR a takardar sakamako, mai nuna saurin daskarewar jini. A lafiyayyen mutum yana wajen 1, kuma likitoci da yawa ba sa son ya wuce 1.5 sosai kafin su soki hanta. Idan ya wuce, sai a gyara da bitamin K ko ƙarin ruwan jini tukuna.

Sai maganar magunguna, kuma a nan ne majiyyaci yake riƙe da abin da likita ba zai gani a kowane hoto ba. Wafarin da kulofidogirel, da ake ba masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, akan dakatar da su kamar kwana 5 kafin aikin da ba na gaggawa ba. Asfirin ma sai an tattauna a kansa. Amma kada mutum ya dakatar da su da kansa, domin wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya zai iya shiga haɗarin da ya fi na zubar jini. Abin da aka fi ɓoyewa kuwa shi ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Mutane kan ji kunyar faɗi, ko su ga ai waɗannan ba magani ba ne da za a lissafa. Ya kamata a kwaso su duka a leda a ajiye gaban likita.

Za a ce wa ɗan kasuwan kada ya ci komai na awa 4 zuwa 6, a kuma daidaita masa maganin suga don kada sugansa ya faɗi yana jira. Za a sa masa allurar ƙarin ruwa a hannu, a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya tun kafin a taɓa ƙurjin. Sannan a zaunar da shi a yi masa bayani, shi da kansa ya sa hannu a takardar amincewa. Wannan ne lokacin tambaya, kuma hakkinsa ne ya yi ta da harshen da yake ji.

Cikin ɗakin

Zai kwanta rigingine, a ɗan karkata shi hagu, hannunsa na dama a bayan kansa domin haƙarƙari su buɗe. Likita zai fara yawo da kan na'urar sikanin a fatarsa yana neman hanya. Hanya mafi kusa ba lallai ita ce mafi kyau ba. Dole ta kauce wa gefen huhu da ke saukowa daga sama, ta kauce wa hanji da madaciya da manyan jijiyoyin jini, waɗanda na'urar ke nunawa da launin ja da shuɗi. Ana kuma son allurar ta ratsa ɗan lafiyayyen naman hanta kafin ta faɗa ƙurjin, saboda naman ya rungume robar, mugunya ba ta tsiyaya cikin ciki ba. Idan tsakanin haƙarƙari za a bi, ana goga saman ƙashin da ke ƙasa, domin jijiyar jini tana kwance ne a ƙarƙashin kowane haƙarƙari.

An wanke fata da maganin kashe ƙwayoyi mai sanyi, an lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle mai kafa a tsakiya. Daga nan sai allurar kashe zafi, lidoken, kamar mililita 10. Mutane da yawa da aka yi wa aikin sukan ce wannan ce wurin da ya fi raɗaɗi: zafi mai yaji na 'yan daƙiƙu, sai wurin ya mutu. Likita zai tura maganin har zuwa fatar da ta lulluɓe hanta, domin a nan jijiyoyin jin zafi suke. Cikin naman hantar kansa ba ya jin suka.

«Malam, ka ja numfashi kaɗan, ka saki, to riƙe haka.» Wannan umarni shi ne aikin majiyyaci a ɗakin. Hanta tana hawa da sauka santimita da dama tare da numfashi, kuma likita na son ta tsaya cak na daƙiƙa biyar zuwa goma. A allo allurar tana fitowa a matsayin farin layi, yana tafiya a hankali har ya shiga baƙin ramin. Likita ya ja sirinji. Idan mugunya ta fito rawaya ko kore-kore mai wari, zato ya fi karkata ga bakteriya. Idan ta fito jajaja-jajaja mai duhu da kauri, ba ta da wari sosai, ana tunanin amiba. Launi dai ba hujja ba ne, shi ya sa sirinjin farko ɗakin gwaji yake tafiya, domin a shuka ƙwayar cutar a ga wane magani ke kashe ta.

Sai dabarar Seldinger. Waya ta shiga ta cikin allura ta naɗe a ramin, aka zare allura, aka ɗan faɗaɗa hanyar da wasu sandunan roba ɗaya bayan ɗaya, aka zura robar zuƙa. A nan majiyyaci zai ji ana danna shi da ƙarfi, wani lokaci da ciwo mai nauyi, kuma yana da kyau ya faɗa domin a ƙara masa magani ta jijiya. Robar da aka saba sawa faɗinta milimita 3 zuwa 4 ne, a kwalinta an rubuta 10F ko 12F. Da an ja wani zare a bayanta, bakinta zai lanƙwashe ya zama zobe a cikin ramin, ba za ta zame ba. A ɗinke ta a fata, a haɗa ta da jaka. Duka aikin bai cika wuce minti 30 zuwa 45 ba, kuma kafin a fita ɗakin an riga an zuƙe mafi yawan mugunyar.

Awa ɗaya ko biyu bayan haka ne 'yan uwa kan firgita. Mutumin da aka ce an yi wa aiki lafiya sai ga shi yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, jiki ya yi zafi rau. Abin da ya faru shi ne taɓa ƙurjin ya tura wasu ƙwayoyin cuta cikin jini. Saboda wannan aka fara magani tun farko, saboda shi kuma ba a sallamar mai ƙurji a ranar. Sau da yawa yakan lafa da ƙarin ruwa da magani. Idan kuwa awon jini ya faɗi, ko mutum ya fara ruɗewa, abin ya zama na gaggawa, kada mai jinya ya tsaya lulluɓa masa bargo, ya kira sista nan take.

Zama da roba a jiki

Robar za ta zauna kwanaki, wani lokaci mako biyu ko fiye, kuma a nan ne aiki mai kyau kan lalace. Jaka dole ta kasance ƙasa da inda robar ta shiga, ko a kwance ko a tafe, domin ruwan ya gangara. Wanda aka sallama da ita yakan maƙale ta a ƙarƙashin riga, da yawa kuma sukan yi salla a zaune a kwanakin farko don kada robar ta fizgu. Ba a jiƙa bandeji wajen wanka. Sau biyu ko uku a rana ana tura ruwan gishirin asibiti mililita 5 zuwa 10 ta cikin robar, domin mugunya mai kauri tana toshe 'yan ramukan bakinta. Kullum a lokaci ɗaya ana auna abin da ya taru a rubuta.

Wannan rubutu shi ke faɗin gaskiyar lamari. A ce ranar farko bayan aiki jakar ɗan kasuwan ta tara mililita 120, ta biyu 70, ta uku 45, zazzaɓi ya sauka, ya fara neman abinci. Wannan tafiya ce mai kyau. Amma a ce daga 70 sai washegari babu ko ɗigo, zazzaɓi ya dawo, bandeji kuma yana jiƙewa. Wannan ba warkewa ba ce. Ko robar ta toshe, ko ta lanƙwashe, ko ta zame daga ramin, ko kuma ƙurjin yana da ɗakuna da robar ba ta kai gare su ba. Sai an koma sikanin. Haka nan idan ruwan ya koma kore ko ruwan ɗorawa mai yawa, alama ce ramin ya haɗu da hanyar madaciya, robar za ta daɗe. Jan jini tsantsa a jaka kuwa ba abin jira ba ne.

Ana cire roba idan abin da ke fita ya koma ƙasa da mililita 10 zuwa 20 a rana, zazzaɓi ya tafi, hoto kuma ya nuna ramin ya motse. Sai an saki zaren nan da ya naɗe bakinta tukuna, shi ya sa bai halatta wani ya fizge ta a gida ba. Cirewar ba ta ɗaukar minti biyu, kafar kuma takan rufe da kanta cikin 'yan kwanaki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta zai ci gaba mako 4 zuwa 6 a ƙurjin bakteriya. A mafi yawan majiyyata, kamar takwas ko tara cikin goma, wannan hanya tana wadatarwa ba sai an kai ga tiyata ba.

Idan tsoka ake nema

Yanzu a ce wata mata ce 'yar shekara 55, tana ta rama, hoto ya nuna ƙulli guda uku masu tauri a hantarta, ba a san daga inda suka taso ba. Ita babu abin zuƙewa. Shirin duk ɗaya ne, gwajin jini da magunguna da allurar kashe zafi, sai dai allurar daban. Kaurinta bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, a bakinta akwai ɗan kwari, tana kuma da sifirin a ciki. Idan likita ya kai ta bakin ƙullin ya danna, sai ta harba gaba ta yanko tsoka cikin ƙiftawar ido, da ƙara mai ƙarfi, ƙas! Likitan kirki yakan harba ta a iska tukuna ya ce, «Hajiya, wannan ƙarar za ki ji, kada ki zabura.» Zabura a daidai lokacin ita ce ke iya yaga hanta.

Abin da ke fitowa siriri ne, tsawonsa santimita 1 zuwa 2, kuma akan ɗebo biyu ko uku. Duk wanda ya taɓa ganin mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau yana soka ƙarfe a buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba zai gane ƙarfin bayofsi da rauninsa: abin da ya fito gaskiya ne, amma gaskiyar wurin da aka soka kaɗai. Tsakiyar babban ƙulli sau da yawa mataccen nama ne da ba ya nuna komai, don haka gefe ake nema inda ƙwayoyin ke raye. Amfanin hoto ke nan. Likita ba hantar kawai yake nema ba, yana zaɓen wurin da zai soka a cikin ƙullin kansa.

Akwai wani ɗan kuskure da ke jawo a sake aiki, wanda a ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa ya cancanci a sani. Tsokar da za a duba a madubin likita ana jefa ta cikin ruwan fomalin, wanda ke hana ta ruɓewa. Amma fomalin yana kashe duk wata ƙwayar cuta, ba za a iya shuka ta ba. Idan ana zargin tibi, dole a ware guntu ɗaya a sa shi a ruwan gishiri. Majiyyaci ko ɗan uwansa na iya tambaya kafin a fara: za a gwada tibi ma?

Bayan an zare allura za ta kwanta a kan gefenta na dama kamar awa 2, nauyin jikinta na danne wurin, sannan ta ci gaba da hutawa zuwa awa 4 ko 6. Sista za ta riƙa auna bugun zuciya da awon jini kowane minti 15 da farko, daga baya a rage. Dalili shi ne zubar jinin hanta ba a waje take ba. Bandeji zai zauna fari tas alhali jini na taruwa a ciki. Mafi yawan matsalolin sukan bayyana ne cikin awa biyun farko, kusan dukkansu kuma cikin kwana ɗaya. Zubar jini mai tsanani da ke buƙatar ƙarin jini ko wani aiki tana samun kamar mutum ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, ta fi yawa a masu ciwon daji da masu lalatacciyar hanta. Rasa rai yana faruwa amma da wuya ƙwarai, a mafi yawan ƙididdiga bai wuce ɗaya cikin dubu ba. Idan jinin ya ƙi tsayawa, likitan hoto na iya bin jijiyar cinya da siririyar roba har hanta ya toshe jijiyar da ke zuba, inda ake da kayan aikin. Inda babu, sai tiyata. Saboda haka wannan aiki na asibitin da ke da bankin jini da ɗakin tiyata ne, ba na shagon sikanin da ke bakin titi ba.

Ciwo kuwa ruwan dare ne, kusan mutum ɗaya cikin uku zai ji shi. Abin mamaki ga mutane shi ne a kafaɗar dama yake fitowa, inda babu wanda ya taɓa. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana kwance a kan hanta, jijiyarsa kuma daga wuya ta taso, tushe ɗaya da jijiyoyin fatar kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗa ce ke ciwo. Ciwon da ke raguwa da farasitamol ba abin tsoro ba ne. Wanda ke ƙaruwa, tare da jiri idan an miƙe, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, kumburin ciki, wahalar numfashi, baƙin bayan gida ko idanu su yi rawaya, shi ne ke mayar da mutum asibiti ko da tsakar dare. Shi ya sa ake son wani ya kwana da ita a daren farko, kada ta yi doguwar tafiya zuwa ƙauye a ranar, ta kuma bar ɗaukar kaya masu nauyi da daka na mako guda.

«In ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu»

Wannan magana ta hana mutane da yawa yarda da bayofsi, musamman mata masu ƙulli a mama, har ciwon ya ci ƙarfinsu. Akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta, kuma gara a faɗe ta. Ƙwayoyin daji na iya maƙalewa a hanyar da allura ta bi su tsiro a can. A dajin da ya tsiro a hanta kansa, tsofaffin bincike sun sa abin a kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Wannan na cikin dalilan da suka sa mai motsattsiyar hanta, irin wadda ciwon hanta nau'in B ke jawowa, sau da yawa ba a yi masa bayofsi idan siti-sikan mai allurar launi ya nuna alamomin dajin a sarari. A mafi yawan sauran cututtukan daji, har da na mama, abin yana da wuya matuƙa. Likitoci kuma sukan sa wata allura mai rami ta zama kube, a riƙa shiga da fita ta cikinta, tsokar ba ta goga naman da ke kan hanya ba. Abin da mutane ke gani suna ɗora wa ƙarfe laifi, galibi ciwo ne da ya riga ya yi nisa kafin a zo asibiti. Ba tare da sakamakon tsoka ba kuma, likitan daji ba zai san irin maganin da zai bayar ba.

Kowace gaɓa da nata haɗarin. A huhu, inda ake bin siti-sikan, babbar matsala iska ce ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji. Tana faruwa ga kamar mutum ɗaya cikin biyar, amma mafi yawanta ƙarama ce da ke tafiya da kanta, kusan ɗaya cikin ashirin ne ke buƙatar roba a ƙirji. Ɗan tarin jini ma yakan biyo baya. A ƙoda, fitsari na iya yin ja na kwana ɗaya ko biyu. Ruwan da ya taru a ƙirji ba a cire fiye da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a zama guda, domin huhun da ya daɗe a matse yana iya cika da ruwa idan ya buɗe farat ɗaya, kuma tari ko matsewar ƙirji alama ce ta a dakata. Mai ruwan ciki saboda ciwon hanta, idan za a cire masa fiye da lita 5, ana ba shi sinadarin albumin ta jijiya don kare ƙodarsa.

Sakamakon tsoka ba ya fitowa a ranar. Sai an busar da ita, an daskarar da ita cikin kakin farafin na ɗakin gwaji, an yayyanka ta siriri, an rina, sannan likitan gwajin tsoka ya duba. Wannan kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, ya ƙaru idan ana buƙatar rini na musamman da zai nuna ko ƙullin hantar Hajiya daga hanji ya taso ko daga mama. Wani lokaci takarda kan dawo tana cewa tsokar ba ta isa ba, ko lafiyayyen nama kawai aka gani. Irin wannan sakamako ba ya nufin babu ciwo. Idan hoto yana nuna ƙulli, takarda kuma ta ce ba a ga komai ba, likitoci sukan zauna su gwama biyun, kuma sau da yawa shawarar ita ce a sake soka wani gefen. Saboda haka kafin a bar asibiti, majiyyaci ya karɓi lambar samfurinsa, ya san ɗakin gwajin da aka kai shi, da ranar da zai dawo, da likitan da zai karanta masa sakamakon.